Takalmi Ɗaya, Adireshi 216: Lacca Kan Tsayar da Adireshin Asali a Shagon Intanet

Ɗalibai, da ƴan kasuwa, da samarin da ke gina wa mutane shaguna a intanet nan Tawa, barkanmu da warhaka.

Akwai kukan da nakan ji daga masu shago, kusan da kalmomi iri ɗaya. Mutum ya biya kuɗi an gina masa shago, ya ɗora hotunan kayansa, ya rubuta sunan kowane kaya da kyau. Sai ya nemi kayan a Google, yau ya ga wani take, jibi ya ga wani, wata rana ma ya danna ya faɗa cikin shafin da ke nuna lambar takalmin da ta ƙare tun kafin azumi. Daga nan ya fara zargin wanda ya gina masa, ko ya ce Google ba ya son ƴan Nijar. Galibi abin da ya faru shi ne kaya ɗaya ya samu adireshi da yawa, kowanne da takensa, kuma ba wanda ya gaya wa Google wanne ne na gaskiya.

Mu ɗauki misali mu bi shi har ƙarshe. A ce wani baduku a cikin garin nan yana ɗinka takalman fata, ɗansa kuma ya buɗe masa shago a intanet don ƴan Adar da ke ci-rani a Abijan da masu saye daga Yamai. A shagon akwai takalma iri 40. Ɗaya daga ciki baƙin takalmi ne na maza, jika bakwai kuɗinsa, ana samun sa daga lamba 39 zuwa 46. Adireshinsa mai tsabta shi ne wannan:

```
https://shago.example/kaya/takalmi-baki
```

Amma mai saye ba ta nan yake shigowa ba. Yana shiga rukunin takalma, ko rukunin kayan fata, ko rukunin kayan Sallah, domin takalmin yana cikin duka ukun. A cikin rukunin sai ya tace, ya ce baƙi yake so, lamba 42. Sai ya jera, ya ce a fara nuna masa mafi araha. Wanda ya gina shagon mutum ne mai kirki, yana so in mai saye ya duba takalmin ya koma baya ya tarar da zaɓinsa yadda ya bar shi, don haka ya sa mahaɗin takalmin ya riƙa jan duk waɗannan zaɓin a bayansa. Adireshin sai ya koma haka:

```
https://shago.example/kayan-sallah/takalmi-baki?launi=baki&lamba=42&jeri=araha
```

Yanzu mu yi lissafi tare. Rukuni uku ne. Hanyar jerawa huɗu ce: yadda shagon ya saba, mafi araha, mafi tsada, da sabon shigowa. Launi kuwa ko an zaɓa ko ba a zaɓa ba, biyu ke nan. Lamba takwas ce, a haɗa da wanda bai zaɓi lamba ba, tara. Uku sau huɗu, sau biyu, sau tara, 216. Takalmi ɗaya tak, adireshi 216. In sauran takalman ma haka suke, 40 sau 216 ya ba mu 8,640. Ban ma sa abin da Facebook ke liƙa wa mahaɗi ba, wato `fbclid`, ko `utm_source` na masu talla, waɗanda ke ƙara ninka adadin.

A idon ɗan Adam duk shafi ɗaya ne, hoto ɗaya, farashi ɗaya. A wurin Googlebot, manhajar da ke yawo tana ɗebo shafuka, duk adireshin da ya bambanta ko da da harafi ɗaya wani shafi ne daban har sai ta buɗe ta gwada. Kuma a shagon badukunmu taken shafin ma yana canzawa, saboda an tsara shi ya ɗauki sunan rukunin da aka biyo. Wani adireshin yana cewa “Baƙin takalmi, Takalma”, wani “Baƙin takalmi, Kayan Sallah, lamba 42”. Abin ya yi kama da rago ɗaya a kasuwar dabbobi ta Abalak da dillalai biyar ke tallarsa, kowa da bayaninsa. Mai saye zai tsaya da wanda ya fi ɗaga murya, ko da ba shi ne mai ragon ya wakilta ba.

Ina so in kawar da wani tsoro kafin mu ci gaba. Za ku ji ana cewa Google yana hukunta shagon da ke da shafuka masu maimaita juna. Ba hukunci ba ne. Abin da yake yi shi ne ya tattara adireshin da ya ga abin cikinsu ɗaya ne, ya zaɓi guda ya nuna, sauran ya ajiye su. Asarar tana zuwa ta wasu hanyoyi. Yana iya zaɓar wanda ba ku so, kamar adireshin kayan Sallah, har watan Safar ana ganin takalminku da taken Sallah. Yana iya kasa gane cewa duka ɗaya ne, sai biyu ko uku su shiga rumbunsa suna karɓa-karɓa. Sannan mahaɗan da mutane suka ɗora a shafukansu, waɗanda su ne ke ƙara wa shafi nauyi, sun watsu: wannan ya kwafi mai lamba 42, wancan ya kwafi mai mafi araha. Ga kuma ɓata lokacin Googlebot, da zai zo ya ga sabon kaya amma ya ɓige da buɗe takalmi ɗaya sau ɗari.

A watan Fabrairu na 2009 Google da Yahoo da Microsoft suka haɗu suka fito da wata alama don wannan matsala, daga baya a 2012 aka rubuta ta a matsayin ƙa'ida mai lamba RFC 6596. Layi ɗaya ce, ana sa ta a kan shafi, cikin sashen `<head>`:

```
<link rel="canonical" href="https://shago.example/kaya/takalmi-baki">
```

Duk ta inda aka buɗe takalmin, ta kowane cikin adireshi 216 ɗin nan, wannan layin ne zai fito ba canji, har da shi kansa adireshin asalin, wanda zai nuna kansa. Mai saye ba ya ganin komai, ba a tura shi ko'ina, zaɓinsa na lamba 42 yana nan. Injin nema ne kawai ke karantawa.

Rubuta layin ba wuya. Abin da ke buƙatar tunani shi ne wane adireshi za a zaɓa. Ni dai ra'ayina, a zaɓi wanda ba ya ɗauke da sunan rukuni. Dalili kuwa, rukuni abu ne da mai shago ke sauyawa. Bayan Sallah zai rufe rukunin kayan Sallah, wata rana zai raba takalma gida biyu, na maza da na mata. Takalmin kansa yana nan, to adireshinsa ya dogara da sunansa kaɗai. Masu Shopify ma haka suka yi: kaya yana buɗuwa ta `/collections/…/products/…`, amma alamar tana nuna gajeren `/products/…`. Sai kuma a tsayar da ƙananan abubuwa sau ɗaya a gama: `https` ne, da `www` ko babu, da `/` a ƙarshe ko babu, ƙananan haruffa duka. A rubuta shi cikakke tun daga `https://`. Ga mu masu rubutu da Hausa, ina ba da shawara a bar ƙ da ɗ da ɓ a cikin take da bayani, amma a adireshi a rubuta `baki`, domin harafi mai lanƙwasa yakan rikiɗe ya zama jerin alamomin `%` in an kwafe shi zuwa WhatsApp, mahaɗin ya yi tsawo ya yi muni.

Akwai sharaɗi guda a kan wannan shawara. In shagon ya daɗe, kuma adireshin da ke da sunan rukuni shi ne mutane suka sani, shi ne Google ke nunawa shekara da shekaru, kada a tayar da shi don neman tsabta kawai. A tsayar da shi a matsayin na asali, a daina taɓa sunan rukunin.

Yanzu ga inda na fi so mu daɗe. Wannan alama shawara ce ake ba Google, ba umarni ba. Yana karanta ta, yana ba ta nauyi sosai, amma yana auna ta da sauran abin da shagon ke faɗa. In alamar ta ce `/kaya/takalmi-baki`, alhali kuwa duk mahaɗan da ke cikin shagon suna kai mutum `/kayan-sallah/takalmi-baki`, taswirar shagon wato `sitemap.xml` ita ma dogon adireshin ta lissafa, to shagon yana magana da baki biyu, kuma Google na iya bin mafi rinjaye. Saboda haka aikin ba ya ƙarewa da layi ɗaya. Sai an koma samfurin shafin rukuni an gyara mahaɗin kowane kaya ya nuna adireshin asali kai tsaye. A Shopify wannan yana nufin cire `within: collection` daga samfurin, in jigon da kuke amfani da shi yana da shi. Sai a share taswira, a bar adireshin asali kaɗai, takalma 40 layi 40. Waɗanda kuma ba su da wani amfani ga mai saye, kamar `http` ko sigar da ke da `www`, a tura su da `301`, domin turawa ta fi alamar ƙarfi.

Wani zai ce, to zaɓin mai saye fa, in ya koma baya? Ba sai an ɗora shi a adireshin takalmin ba. Zaɓin yana nan a adireshin shafin rukunin da ya baro, maɓallin komawa baya zai mayar da shi can. In kuma lallai ana so takalmin ya buɗe da lamba 42 a zaɓe, ana iya sa ta bayan alamar `#`, kamar `/kaya/takalmi-baki#42`, domin Google ba ya ɗaukar abin da ke bayan `#` a matsayin sabon adireshi. Adireshin da ba a haifa ba ai ba ya buƙatar alama.

Kurakurai kuwa, uku nake yawan tararwa. Na farko ya fi ban haushi, saboda in ka duba za ka ga alamar tana nan. Wani shago da aka kawo mini in duba, wanda ya rubuta shi ya sa haka:

```
<link rel="canonical" href="https://shago.example<?= $_SERVER['REQUEST_URI'] ?>">
```

Wannan layin yana kwafo duk adireshin da aka buɗe ne, da wutsiyarsa, ya sa a cikin alamar. Sai kowane ɗaya cikin 216 ɗin ya miƙe ya ce ni ne na asali. Da ma ba a sa ba ya fi, don a da Google yana zaɓa da kansa, yanzu kuwa an ba shi shaidar ƙarya. Gyaran shi ne a ɗauko adireshin daga bayanan kayan da ke ajiye, kada a ɗauko shi daga abin da mai saye ya buɗe.

Na biyu shi ne toshe hanya. Mutum ya ji an ce waɗannan adireshin suna da yawa, sai ya shiga `robots.txt` ya rubuta `Disallow: /*?` a ranar da ya sa alamar. To Googlebot da aka hana buɗe shafi ta yaya zai karanta abin da ke kansa? Waɗanda suka riga suka shiga rumbu sai su maƙale a can, wasu ma suna fitowa ba bayani a ƙarƙashin takensu. Toshewa tana da amfani a babban shago da tacewarsa ke haifar da dubban ɗaruruwa, amma a ƙaramin shago irin na badukunmu a bar hanya a buɗe har Google ya gama tattara su. Haka kuma kada a haɗa `noindex` da alamar a shafi ɗaya, don ɗaya na cewa a ɓoye ni, ɗaya na cewa a haɗa nauyina da wancan.

Na uku ya shafi masu WordPress da WooCommerce. WordPress da kansa yana sa alamar a shafukan kaya, sai a ƙara manhajar gyaran nema ita ma ta sa tata, jigon da aka sayo shi ma ya sa tasa. In sun zo biyu kuma sun saɓa wa juna, Google na iya watsi da su gaba ɗaya. Ku kuma lura da inda layin ya zauna. In wani ya cusa hoto ko `<div>` a cikin `<head>`, ana ɗauka kan shafin ya ƙare a nan, alamar da ke ƙasa ta faɗa cikin jiki, kuma a jiki ba a karanta ta.

Akwai iyaka da ya kamata ku sani, kuma ita ce ke raba wanda ya fahimci aikin da wanda ya haddace layi. Alamar ta shafukan da abin cikinsu ɗaya ne ko kusan ɗaya ce. Tambayar ita ce, yaushe bambanci ya kai a ce kaya biyu ne? Lamba 42 da lamba 43 kaya ɗaya ne, ba wanda ke buƙatar shafi daban. Launi kuma sai an duba. In jan takalmi yana da hotunansa, da farashinsa, kuma mutane suna nemansa da sunansa, a ba shi shafinsa da takensa, alamarsa ta nuna kansa. In kuwa launi zaɓi ne kawai a cikin shafi ɗaya, a haɗe su.

Ga misalin da ya fi fito da abin. A ce shagon ya ƙara kayan azurfa na maƙeran Buzaye, sarƙar da Faransawa ke kira Croix de Tahoua, da ta Agadas, da ta Ingal. Kowacce da siffarta, kuma mai neman ta Tawa ba ta Agadas yake nema ba. Amma ɗan badukun ya gaji, ya kwafi bayani ɗaya ya liƙa wa duka ukun, sunan gari kawai ya canza. A nan matsalar ta juya. Kowace ta nuna kanta a alama, daidai, amma Google ya duba ya ga rubutun ɗaya ne, yana iya haɗe su ya zaɓi ta Agadas ya ɓoye ta Tawa. Ba wani layi da zai gyara wannan. Sai an zauna an rubuta wa kowacce nata: nauyinta giram nawa, tsawonta, yadda ƙirarta take, da zaren fata take zuwa ko da sarƙa. Haka nan shafin Hausa da na Faransanci na kaya ɗaya ba maimaici ba ne. Kada na Hausa ya nuna na Faransanci a matsayin asali, in ba haka ba zai ɓace daga nema. Kowanne ya nuna kansa, a haɗa su da `hreflang`.

Shafukan rukuni zan taɓa su a gurguje. Wanda aka canza masa jeri kawai, kamar `?orderby=price` a WooCommerce, ya nuna rukunin da ba shi da wutsiya, tunda kayan ɗaya ne an sake musu layi. Amma shafi na biyu da na uku na rukuni kada su nuna na farko, domin kayan cikinsu daban ne, kowanne ya nuna kansa. In kun ci karo da tsohon darasi da ke cewa a shiga Search Console a gyara wutsiyoyi ɗaya bayan ɗaya, ku wuce shi, an rufe wannan kayan aikin tun 2022.

Saura yadda za a gane ko aikin ya kama. Gwajin farko ba ya buƙatar komai sai kwamfuta. A buɗe adireshi mafi muni da ake da shi, a danna `Ctrl+U`, a nemi kalmar `canonical`. Masu son layin umarni su rubuta:

```
curl -s "https://shago.example/kayan-sallah/takalmi-baki?lamba=42" | grep -i canonical
```

Layi ɗaya ya kamata ya fito, yana nuna gajeren adireshin. Daga nan a ɗauki wannan gajeren a buɗe shi, a tabbata yana amsawa da `200`, ba ya tura mutum wani wuri, kuma ba adireshin gwaji ba ne da aka manta tun lokacin gini.

Gwaji na biyu a Search Console yake, kuma tunda yawancinku da Faransanci kuke buɗe shi, zan faɗi sunayen yadda za ku gan su. A kayan duba adireshi akwai layi biyu, `URL canonique déclarée par l'utilisateur` da `URL canonique sélectionnée par Google`. Na farko abin da kuka ce, na biyu abin da ya yarda da shi. In sun zo ɗaya, an gama da wannan shafin. A rahoton shafuka kuma za ku ga tarin adireshi a ƙarƙashin `Autre page avec balise canonique correcte`. Masu shago sukan firgita in sun ga dubbai a nan, su bugo waya cewa Google ya ƙi shafukansu. Wannan tarin shi ne ake so. A misalinmu, duka 216 na kowane takalmi can ne mazauninsu. Wanda ya kamata ya dame ku shi ne wanda ya fara da `Page en double`, ko dai mai cewa ba ku zaɓi adireshi ba, ko mai cewa Google ya zaɓi wani ba naku ba. In kun ga na biyun, kada ku sake taɓa alamar tukuna. Ku duba mahaɗan cikin shago, ku duba taswira, ku kwatanta abin da ke cikin shafukan biyu, ɗaya daga cikin ukun nan ne ke ƙaryata ku.

Akwai kuma rahoton `Performances`. Ku tace shi da kalma ɗaya da ake neman kayanku da ita, misali sunan takalmin, ku duba jerin shafukan da suka fito. Kafin gyara za ku iya ganin adireshi uku ko huɗu na takalmi ɗaya suna raba bayyana a tsakaninsu. Bayan gyara za su riƙa raguwa har ya saura ɗaya. Wannan ba ya faruwa a kwana biyu, domin sai Googlebot ya sake ziyartar kowane tsohon adireshi ya ga alamar, kuma masu doguwar wutsiya ba ya yawan leƙa su. Adireshin asalin kuna iya neman a sake duba shi nan take, sauran kuwa makonni ne, a ƙaramin shago wani lokaci har a shiga watanni. Don haka mai son takensa ya daidaita kafin cinikin Babbar Sallah, ya yi gyaran tun kafin a ɗauki azumi.

Malam mai gabatarwa yana nuna mini agogo. Wanda ya zo da kwamfutarsa kuma yana da shago, ya matso gaba da ita mu buɗe adireshi ɗaya a gaban kowa, sauran kuma a fara miƙo tambayoyi.